Olsar da ake lallaɓawa shekara da shekaru

Mai ciwon olsa ya san ƙa'idarsa: kada ya zauna da yunwa, ya guji yaji, in zafin ya taso ya aika kemis a sayo omefirazol. Zafin yakan kwanta, amma abin da ya haddasa shi yana nan daram. Galibin gyambon ciki aikin wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, suka samu kyautar Nobel a 2005.

Yawanci tun ana yaro take shiga, ta ruwa ko abinci marar tsafta, ko daga bakin na gida. Ruwan tsamin da tumbi ke narka abinci da shi yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ita sai ta fitar da sinadarin da ke karya ƙarfinsa, ta lafe cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. In ba a kashe ta ba, nan za ta zauna har tsufa.

Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Kusan ɗaya cikin 10 ne ke samun gyambo, waɗanda abin ke kai su ga kansa kuwa ba su wuce 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Tafiyar takan ɗauki shekaru gommai. Da farko bangon tumbi ya kumbura, sannan ya siranta, wuraren da ke samar da ruwan tsami su mutu. Daga nan fatar wurin ta rikiɗe ta koma kamar ta hanji, kuma a cikinta ne kansa ke iya tsirowa. Yawan gishiri da shan taba suna ƙara ingiza abin. Wannan ya sa a 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa.

Ana gano ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi, amma sai an dakatar da omefirazol mako 2, in ba haka ba gwajin na iya cewa babu alhali akwai. Maganinta haɗi ne: na rage tsami da aƙalla magungunan kashe ƙwayoyin cuta 2, yawanci na kwana 14. Wanda ya bari da ya ji sauƙi yana iya barin ƙwayoyin da suka fi taurin kai. Bayan mako 4 da gamawa sai a sake gwaji.

Wanda kuwa ya ga yana ramewa ba dalili, ko ya ƙoshi da 'yan lomomi, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ya wuce kemis. Asibiti zai nufa, a zura na'ura ta baki a duba tumbin.