Jan Biron Malam: Yadda Ake Gyara Kundi Ba Tare da An Rasa Hujja Ba

A jami'o'inmu irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ɗalibi ba ya kai wa ga kare kundin digirinsa sai malamin da ke duba shi ya amince. Malamin kuwa ɗalibai sun yi masa yawa, don haka gyaransa gajere ne: "ba a fahimta", "ina shaida?", "a sake wannan babi", ko alamar tambaya kawai a gefen shafi. Ɗalibi sai ya rikice, ya bi kowane jan layi yana ƙari yana ragi, har kundin ya kumbura, abin da ya tashi faɗa tun farko kuma ya ɓace. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Mu ɗauki misalin ɗaliba a sashen ilimi. Hujjarta ita ce: a ƙauyukan da ta yi bincike, nisan makarantar sakandare ne babban abin da ke sa 'yan mata barin karatu. Kafin ta taɓa ko da waƙafi, ya kamata ta rubuta wannan a jimla ɗaya, ta ajiye a gabanta. Idan ta kasa taƙaita shi haka, to malam bai yi kuskure ba da ya ce ba a fahimta.

Daga nan sai ta karanta gyaran gaba ɗaya, ta kasa shi uku. Akwai na rubutu, kamar nahawu da tsarin manazarta. Akwai na shaida da tsari, inda ta faɗi magana ba ta kafa ta ba, ko ta ajiye ta a babin da ba nata ba. Sai kuma wanda ya taɓa hujjar kanta. Ɗalibai da yawa da kashin farko suke farawa saboda sauƙinsa, alhali shi ne na ƙarshe, domin sakin layin da aka ɓata lokaci ana gyara masa waƙafi yana iya fita daga kundin.

A ce a babi na huɗu malam ya rubuta: "Talauci fa?" Nan ne ake yawan zamewa. Ɗalibar da ta tsorata za ta ƙara shafi goma kan talauci, ta jawo auren wuri da talla, kundin ya koma jerin dalilan da kowa ya sani. Amma malam bai ce ta sauya batu ba. Tambaya ya yi: ta yaya kika san nisa ne, ba talauci ba? Amsar tana cikin bayanan da ta riga ta tattara. Ta ware gidajen da ƙarfin arzikinsu ɗaya ne, ta kwatanta na kusa da makaranta da na nesa. Idan 'yan matan nesa sun fi barin karatu duk da talaucin ɗaya ne, hujjarta ta ƙara ƙarfi, kuma sakin layi biyu da jadawali sun isa. Idan bambancin ya bayyana a gidajen marasa ƙarfi kaɗai, sai ta rage faɗin maganar: nisa yana korar 'yan mata ne inda babu kuɗin mota. Hujjar tana nan, ta dai san iyakarta. Idan kuwa babu bambanci ko kaɗan, gaskiya ita ce ta sauya matsaya, da saninta, ta gyara tun daga babi na ɗaya.

Gyaran da bai fito fili ba, ba a yi masa kirdado. Ta je ofis da fassararta a hannu: "Malam, Allah ya gafarta, da kuka ce a sake babi na biyu, na fahimci kuna nufin in tsara ayyukan magabata bisa ra'ayoyi maimakon jero su ɗaya bayan ɗaya. Haka ne?" Wannan tambaya tana samun amsa cikin minti ɗaya, saɓanin "me zan yi?"

Bayan ta gama, akwai gwaji mai sauƙi. Ta ajiye manufar bincike ta babi na ɗaya kusa da kammalawa ta babi na biyar. Idan kammalawar tana amsa tambayar da ba a yi ba, hujja ta zame a hanya. Sannan ta karanta jimlar farko ta kowane sakin layi a jere. Duk wanda ba ya tallafa wa jimlar nan da ta ajiye, ko ya amsa suka a kanta, ta cire shi.

Sai ta miƙa sabon daftari tare da tsohon mai jan biro, da takarda ɗaya mai nuna kowane gyara, da abin da ta yi, da lambar shafi. Wanda ba ta bi ba, ta faɗi dalili cikin ladabi. Ɗalibi ya riƙa tunawa cewa ranar kare kundi, shi mai jarrabawa na waje zai tambaya, ba malaminsa ba. Don haka kada ka bar wata jimla a kundinka wadda ba za ka iya kare ta da bakinka ba.