Ma'aunin P/E: Abin da ya sa hannun jarin banki ke kama da mai araha

Tun daga 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, tallan hannun jari ya iso har wayoyin ma'aikata da 'yan kasuwa a Dutse. Duk wanda ya buɗe manhajar saye zai ga wata lamba a gefen sunan kamfani, an rubuta P/E.

Lissafinta ba wuya. Ana raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da ya samar a shekara. Idan ana sayar da shi naira 60, ribarsa kuma naira 10 ce, sakamakon 6 ne. Wato sai ribar shekara shida za ta mayar da kuɗin, matuƙar ba ta canza ba.

Mutumin Dutse ya san wannan tun kafin manhaja. A ce adaidaita sahu ta naira miliyan 3 tana kawo miliyan 1 a shekara, gidan haya na miliyan 20 a Takur shi ma yana kawo miliyan 1. Na farko 3 ke nan, na biyu 20. Amma ba wanda zai ce mai gidan ya yi wauta, domin adaidaita tana tsufa, tana iya yin haɗari, gida kuwa yana nan, kuɗin haya na ƙaruwa.

Haka abin ya kasance a kasuwar hannun jari ta Legas a ƙarshen 2023. Hannun jarin bankin Zenith yana kusan naira 39, ribarsa ta shekarar kuma ta haura naira 21, ma'auninsa bai kai 2 ba. Na simintin Dangote yana kusan naira 320 da ribar kusan naira 26, wato wajen 12.

A ido, bankin ya fi araha ninki shida. Sai dai kaso mai tsoka na ribar bankuna a shekarar ya fito ne daga faɗuwar darajar naira a watan Yuni, wadda ta kumbura kadarorinsu na dala a takarda. Irin wannan riba ba ta zuwa kowace shekara, har Babban Banki ya hana a raba ta ga masu hannun jari. Ga kuma bashin da ba a biya ba, wanda kan cinye ribar banki a shekara guda. Masu saye sun san da haka, shi ya sa ba su biya da tsada ba.

Faɗuwar nairar ce kuma ta jefa MTN Najeriya cikin asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, alhali cinikinsa ya ƙaru. Kamfanin da ya yi asara ba shi da P/E mai ma'ana, don haka manhaja kan bar gurbin fanko ko ta nuna lamba ƙasa da sifili.

Ma'aunin ya fi faɗin gaskiya idan aka jera Zenith da GTCO, ko Dangote da BUA, sannan aka duba rahoton shekara a ga daga ina ribar ta fito.