Yadda Ake Tsara Shirin Rediyo na Minti 3 Kan Sauro da Maleriya

Mai sauraren rediyo ba ya iya komawa baya ya sake jin abin da ya wuce shi, don haka marubucin shirin minti 3 sai ya riƙe saƙo guda. Idan maganar maleriya ce, saƙon shi ne yadda cutar ke tashi daga jikin wani zuwa wani.

A buɗe da kukan sauro, sannan hira:

Mai gabatarwa: Malama, kowane sauro ne ke kawo zazzaɓin nan?

Ma'aikaciyar lafiya: A'a, ranka ya daɗe. Macen wani nau'i ce mai suna anofilis, wadda ta fi cizo da daddare. Tana shan jini ne don ƙwayayenta su nuna.

Mai gabatarwa: Ina take samo cutar?

Ma'aikaciyar lafiya: Daga jinin mai ɗauke da ita. Ƙwayar cutar takan yi kwana 10 ko fiye tana girma a cikinta, sannan ta shiga jikin wanda ta ciza ta cikin yawunta. Sai ta zarce hanta ta yaɗu, ta fito cikin jini, zazzaɓi ya tashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ƙazamin ruwa ke kawo maleriya, har mutane su ɗauka shan sa ne illar. Rubutun ya fayyace cewa sauro yana hayayyafa ne a ruwan da ya kwanta, kamar kududdufin damina. A rufe da umarni: a kwana cikin gidan sauro, a je gwaji da zarar jiki ya yi zafi.