"Je ka, ba komai" ba izinin hutu ba ne

A ofisoshinmu, rabin hutun da ake tafiya da baki ake ba da shi. Ma'aikaci ya tari oga a bakin mota ko bayan sallar azahar, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwa ba lafiya, ina so in leƙa gida." Oga ya ce, "Subhanallahi, je ka, ba komai, Allah ya sawwaƙe." A lokacin kowa da zuciya ɗaya yake magana. Matsalar ita ce wannan "ba komai" ba ta shiga fayil, kuma ranar da rigima ta tashi fayil ake buɗewa, ba a tambayar wanda ya tuna me.

Mu ɗauki misali, irin wanda duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san kamarsa. Wani ma'aikaci a mataki na 08 ya rubuta takardar neman hutun shekara na kwana 30, ya miƙa wa shugaban sashensu hannu da hannu. Shugaban ya karanta, ya ce ya tafi abinsa, zai tura takardar sama. Ma'aikacin ya kama hanya ranar Litinin 3 ga Maris. Yana can aka yi wa shugaban canjin wurin aiki, takardar kuwa tana kwance a aljihun tebur, ba ta taɓa isa sashen mulki ba. Sabon shugaba ya zo, ya duba rajistar sa hannu, ya ga wani suna babu komai a gabansa mako uku. Ya tambayi sashen mulki, suka ce ba su san da wani hutu ba. Mutumin ya dawo ya tarar da takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri, tana neman ya yi bayani cikin awa 48 dalilin da zai hana a hukunta shi.

Abin da ake tuhumarsa da shi ba ƙarami ba ne. A Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya, barin aiki ba tare da izini ba yana cikin manyan laifuffuka, sahu ɗaya da almundahana da ƙirƙirar takardun bogi, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ga kora. Kafin a kai can ma, ana iya tsayar da albashi. To me ke hannunsa? Ya kira tsohon shugaban, wanda ya ce, "Wallahi na tuna mun yi maganar." Amma da aka ce ya rubuta, sai ya fara jan ƙafa, domin rubutawar tana nufin ya amsa cewa ya sallami ma'aikaci ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma danne takarda. Ba lallai mugu ba ne. Kowa dai kansa yake karewa.

Kuskuren farko na mutumin nan shi ne ya rubuta takarda ɗaya tak, ya kuma bayar da ita. Takardar neman hutu biyu ake yi. A kai su wurin da ake karɓar wasiƙu, wato rajista ko teburin sakatare, a ba da ɗaya, a ce a buga hatimin karɓa a kan ɗayar, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, sannan a dawo da ita gida. Idan babu hatimi, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da muƙaminsa da kwanan wata da biro. Kwafin da babu alamar karɓa a kansa ba ya nuna komai sai cewa ka iya rubutu, don ana iya cewa jiya da dare ka zauna ka tsara shi.

A nan ne kuma mutane da yawa ke tsayawa, su ɗauka sun gama. Hatimin karɓa shaida ce cewa ka nema. Ba shaida ba ce cewa an ba ka. Wanda ya tafi hutu da kwafin nema kaɗai a aljihu, a idon doka, ya nemi izini ne ya tafi kafin a amsa masa. Takarda ta biyu, wadda ita ce ainihin garkuwa, ita ce ta amincewa: ko wasiƙa daga sashen mulki, ko fom ɗin hutu da aka cike aka sa wa hannu, ko aƙalla hoton takardarka da rubutun mai iko a gefenta yana cewa ya amince.

Na ce mai iko da gangan. A yawancin ma'aikatu, shugaban sashe shawara kawai yake bayarwa cewa a bar ka ka tafi, amincewar kuma tana wurin wani na sama da shi, sashen mulki ko na kula da ma'aikata ya fitar da wasiƙa. A makaranta, hedimasta na iya goyon bayan buƙatarka, amma dogon hutu kamar na ƙaro karatu daga hukuma ko ma'aikatar ilimi yake fitowa. Malamai nawa ne suka tafi digiri da "an ce an amince", suka dawo bayan shekara uku aka ce sun gudu daga aiki? Don haka karanta abin da aka rubuta a gefen takardarka da kyau. "Ina goyon baya" daban, "na amince" daban. Duba kuma wanda ya sa hannun, ka tabbata shi ne ƙa'idar wurin aikinku ta ba wannan hurumi.

Ko takardar amincewar ma, sai ta faɗi abu uku sannan take da amfani: irin hutun, ranar farawa, da ranar dawowa. Irin hutun yana da muhimmanci domin kowanne da ƙa'idarsa da tasirinsa a kan albashi. Hutun shekara daban, hutun uzuri na 'yan kwanaki daban, na rashin lafiya yana buƙatar takardar likita, na ƙaro karatu kuwa akwai mai albashi akwai marar albashi, kuma kalma ɗaya da ta ɓace a nan tana iya zama bashin albashin shekaru da za a ce ka mayar.

Ranar dawowa kuwa ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. Koma ga mutuminmu da kwanansa 30 daga Litinin 3 ga Maris. Idan ana lissafi da Asabar da Lahadi, hutunsa ya ƙare 1 ga Afrilu, ranar 2 ga wata ya kamata a gan shi a ofis. Idan kuwa ranakun aiki kaɗai ake ƙirgawa, mako shida ke nan cur, sai Litinin 14 ga Afrilu zai dawo, ba a ma sa ranakun hutun gwamnati da suka faɗo a tsakani ba. Tsakanin lissafin biyu akwai ranakun aiki 8, kuma waɗannan takwas ɗin sun isa a rubuta wa mutum kweri. Kada ka yarda da takardar da ta ce "kwana 30" ta yi shiru. Ka roƙi akawun ya rubuta ranar da za ka koma bakin aiki da lamba.

Masu aiki a kamfanoni da shaguna da makarantun kuɗi sukan ce wannan duk harkar gwamnati ce, su ba su da rajista ba su da fayil. Su ne ma suka fi buƙata. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 18, ta ba ma'aikacin da ya yi wata 12 a jere hutun aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi. Sashe na 16 ya ba da har ranakun aiki 12 na rashin lafiya a shekara idan likita ya tabbatar, sashe na 54 kuma ya ba mace mako shida kafin haihuwa da shida bayanta. Sai dai dokar ba ta rufe kowa ba: masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru, takardar ɗaukarsu aiki da kundin ƙa'idojin kamfani ne ke magana a kansu. Kuma samun haƙƙin hutu ba ya nufin ka zaɓi rana ka tafi. Har yanzu sai ka nuna an yarda da waɗannan ranaku.

Inda babu fom, waya ta wadatar, in an yi amfani da ita da hankali. Bayan mai gida ya ce ka tafi, tura masa saƙo ta WhatsApp ko imel: "Yallaɓai, kamar yadda muka yi magana ɗazu, zan fara hutu ranar kaza, in dawo aiki ranar kaza. Don Allah a tabbatar mini." Ka jira amsa. Alamar cewa ya karanta ba amsa ba ce. Idan ya rubuto "To, Allah ya kiyaye hanya", ka samu abin riƙewa. Ɗauki hoton allon yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, kada kuma ka goge ainihin saƙon. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta ko waya, amma da sharaɗin a yi bayanin na'urar da yadda aka fitar da saƙon, abin da ke da sauƙi idan wayar da saƙon suna nan. Idan imel ɗin ofis ne, tura kwafi zuwa naka na kanka tun ranar, domin wanda aka sallama, akwatin imel ɗinsa ake fara rufewa.

Na san abin da ke hana mutane: kunya. A ce dattijo ya ba ka izini da bakinsa, kai kuma ka ce ya rubuta, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Amma mu da aka umarta a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, mu rubuta bashi tsakanin musulmi da ɗan'uwansa, bai kamata rubutu ya zama zagi a wurinmu ba. Akwai kuma lafazin da ke sauƙaƙa abin: "Ranka ya daɗe, a sa mini hannu saboda masu binciken ma'aikata, kada su zo ba na nan." Da haka ka nuna masa ba shi kake tsoro ba, kuma gaskiya ka faɗa, domin shi ma takardar tana kare shi.

Idan abin ya kai ga shari'a, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin rigingimun aiki, bisa sashe na 254C na tsarin mulki. Ƙa'idar shaida kuwa ita ce wanda ya yi iƙirari shi zai kawo hujja. Wurin aikinka zai ajiye rajistar da ke nuna ba ka zo ba, wannan ba wuya. Kai da ka ce da izini ka tafi, kai za ka nuna izinin. Lauyanka na iya neman su fito da fayil ɗinka, amma fayil a hannunsu yake, kuma takarda takan yi ƙafa ta fita daga fayil. Kwafinka mai hatimi shi ke sa ɓatan nasu ya zama abin tambaya a kansu. Galibi ma ba a zuwa kotu: amsar kweri mai layi huɗu da aka maƙala mata kwafin amincewa takan kashe maganar a teburin darakta.

Saura takarda ta uku, wadda kusan kowa ke mantawa. Ranar da ka dawo, rubuta sanarwar komawa bakin aiki, ko ka cike fom ɗinta idan akwai, a buga maka hatimi a naka kwafin. Ita ce ke rufe hutun, ta hana a ce ka ƙara kwanaki. Idan kuma uzuri ya riƙe ka a can, jinya ta yi tsawo ko hanya ta lalace, nemi ƙari a rubuce kafin ranar dawowarka ta wuce, ba bayanta ba.

Takardun nan uku a haɗa su da ƙusa ɗaya, a ajiye a gida tare da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma, ba a aljihun teburin ofis ba. A ɗauki hotonsu a tura imel. Kada a zubar da su don shekara ta juya, musamman na dogon hutu, domin tambayar inda ka shiga a wata shekara takan taso ne lokacin tantance ma'aikata, ko ranar da ake lissafin shekarun aikinka za a biya ka haƙƙin ritaya, lokacin da ogan da ya ce "je ka" ya daɗe da barin aiki.