Takarda Mai Shafi Biyu da Ke Hana Hotunan Kamfani Rikiɗa

Mu ƙaddara wani kamfani ne a Kano mai sayar da zoɓo a kwalba, yana da ma'aikata uku da ke haɗa masa hotunan talla da Midjourney, ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake rubuta wa bayani su zana hoto. Gab da ƙaramar Sallah ɗaya daga cikinsu ta fitar da hoton da ya burge manaja: iyali a tsakar gida, hasken la'asar, tire a kan tabarma. Da babbar Sallah ta matso aka ce a yi irinsa guda biyar. Ita kuwa ta tafi hutun haihuwa, bayanin da ta rubuta wa manhajar yana can cikin wayarta, sauran biyun suka yi ta lalube. Hotunan da suka fito ba su da laifi, sai dai duk wanda ya gan su zai ce na wani kamfanin ne.

Wannan bayanin da ake rubuta wa manhaja shi ne umarni. Kamfanin da ya san ciwon kansa yakan rubuta wa ma'aikatansa gajeriyar takarda, shafi ɗaya ko biyu, da ke faɗin yadda ake rubuta umarni, yadda ake sa masa suna, da inda ake ajiye wanda aka amince da shi. A ganina duk takardar jimla ɗaya ce ke riƙe da ita: abin da aka amince da shi ba kalmomin kaɗai ba ne, kalmomin ne tare da zubin manhajar, da saitin da aka yi, da hoton da ya fito.

Wajen rubutu, takardar takan tsayar da jeri ɗaya da kowa zai bi: wa ke cikin hoton, a ina, wane irin haske, daga ina aka ɗauko shi, sannan saiti. An fi rubutawa da Turanci domin shi waɗannan manhajoji suka fi ganewa. Ga yadda na kamfanin zoɓon zai iya kasancewa:

```
Hausa family of four on a woven mat, mud-walled courtyard, man in white babban riga and embroidered cap, late afternoon light, eye-level photo --ar 4:5 --v 6.1 --seed 4127 --no text
```

`--ar 4:5` shi ne fasalin hoton, faɗi huɗu tsawo biyar, wanda ya dace da Instagram. `--v 6.1` zubin manhajar ne. `--seed` lamba ce da ke tsayar da inda zanen ke farawa, ta yadda in an maimaita umarnin za a sami abin da ya yi kusa da na farko. `--no text` kuma na nufin kada ta sa rubutu.

A lura babu kwalbar zoɓo a ciki, kuma da gangan ne. Manhajojin nan sukan jagwalgwala haruffan da ke jikin kaya, launin tambari ma ba kasafai suke kawo shi daidai ba. Don haka ƙa'ida ita ce manhaja ta zana wuri da mutane, mai tsara hoto ya ɗora hoton kwalba na ainihi daga baya. Sutura ma sai an kira ta da sunanta, a ƙara da siffarta. Wanda ya rubuta kayan gargajiyar Afirka kawai ya bar wa manhaja zaɓi, tana iya haɗa masa kente na Ghana da hular da ba a taɓa gani a Kurmi ba. Takarda mai kyau takan kuma hana saka sunan sanannen mutum ko na wani mai zane a cikin umarni, don kada tallar zoɓo ta koma shari'a.

Batun suna gajere ne, amma nan aka fi yin sakaci. Suna ɗaya ake ba umarni da hotonsa, a jeri ɗaya kullum: kwanan wata, kaya, lokaci, inda za a sa, zubi.

```
2025-03-10_zobo_sallah_insta45_v03
```

An fara kwanan wata da shekara, sai wata, sai rana, domin ta haka ne kwamfuta ke jera fayiloli daga tsoho zuwa sabo ba tare da an taɓa su ba. An cire lanƙwasar ɓ daga zoɓo saboda ma'aikacin da allon rubutunsa ba shi da ita, in ya nema da `zobo`, zai iya rasa fayil ɗin da aka rubuta da ƙugiya. Ba a sa alamu irin su `/` da `:` da `?`, Windows ba ya karɓar su a sunan fayil. Suna irin "na ƙarshe" ko "na ƙarshen ƙarshe" kuwa, duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san ƙarshensa ba ya zuwa.

Ajiya ita ce ta fi buƙatar tsauri. Teburi ɗaya a Google Sheets ya wadatar wa ƙaramin kamfani: kowane umarni layi ɗaya, da cikakken rubutunsa, da zubin manhaja, da lambar `seed`, da inda hoton yake, da wanda ya amince da ranar da ya amince. Folda uku ake yi, ta gwaji, ta amintattu, da ta waɗanda aka daina aiki da su. Kowa na iya rubutu a ta gwaji. Ta amintattu kuwa mutum ɗaya ke da ikon gyara, sauran sai dai su duba su kwafa. Shi ne zai ƙirga yatsun mutanen da ke hoton, ya duba zaman hula da mayafi, kafin ya ce to.

Abin da ke ba ma'aikata wahalar haɗiyewa shi ne ba a gyara umarnin da aka riga aka amince da shi, ko da kalma ɗaya ce. Idan don babbar Sallah ana son a ƙara rago a gefen tsakar gida, sai a kwafi `v03`, a ƙara ragon, a kira shi `v04`, ya koma foldar gwaji ya jira amincewa. Dalili kuwa shi ne kalma ɗaya na iya sauya fuskoki da haske gaba ɗaya, kuma in an goge tsohon rubutun, hoton da ke kan allon talla a titi ya zama ba shi da asalin da za a koma wa. Haka nan idan masu manhajar suka fitar da sabon zubi: lambar `seed` ɗin da ta ba da wancan iyali a 6.1 ba za ta ba da su a wani zubin ba. Sai a sake gwada amintattun ɗaya bayan ɗaya, wanda ya sauya kama a sake masa lamba.

Wata kafa da bayani ke zurarewa ita ce WhatsApp. Wasu manhajojin sukan ɓoye umarni da saiti a cikin fayil ɗin hoton kansa, amma in aka tura shi a matsayin hoto, WhatsApp ya matse shi ya zubar da wannan bayani. Shi ya sa takardar ke cewa asali yana folda, abin da ke waya kwafi ne na kallo.

Mai kamfanin da ke son sanin ko tsarinsa na aiki ya ɗauki hoto ɗaya daga tallan bara, ya miƙa wa sabon ma'aikaci, ya ce ya nemo umarninsa ya fitar da ɗan'uwansa. In ya yi cikin minti goma bai tambayi kowa ba, takardar ta yi aikinta. In sai da ya buga wa wani waya, a koma a gyara teburin.