Yadda Ƙungiyar Gama Kai ta Manoma ke Tsayar da Mafi Ƙarancin Farashi: Misalin Shinkafar Assakio

LAFIYA – Da zarar kaka ta yi a Assakio, garin da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam a Jihar Nasarawa, sai shanshera ta cika kasuwa a lokaci guda, farashinta ya karye. Tun da Gwamnatin Tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a shekarar 1986, ciniki ya koma tsakanin manomi da ɗan kasuwa, kuma mai buhu goma ba shi da ƙarfin ja da mai mota. Wannan ne ke sa manoma su haɗa kayansu a ƙarƙashin ƙungiyar gama kai, su yanke farashin da ba za su sayar ƙasa da shi ba. Sai dai yanke farashin a baki abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen zaɓen adadin da ya dace, da kuma samun halin tsayawa a kansa.

Farashin da zai ɗore yana da iyaka biyu. Ta ƙasa ita ce abin da aka kashe kafin buhu ya shiga sito. Ta sama kuwa ita ce abin da babbar kasuwa ke biya, bayan an cire kuɗin kai kaya can. Domin a ga yadda lissafin ke tafiya, bari mu ɗauki misali. Alƙaluman na kwatance ne kawai.

A ce ƙungiya tana da mambobi 40, sun tara buhu 600 na shanshera, kowane buhu kilo 100. Wani ya kashe Naira 600,000 a kadada ɗaya ya sami buhu 25, wato buhunsa ya tsaya masa a Naira 24,000. Wani kuma ya kashe Naira 540,000 amma ya tashi da buhu 18, nasa ya kama Naira 30,000. A nan gardama ke fara tashi, domin kowa yana son a bi nasa lissafin. In an bi na mai tsada, kayan za su yi kwantai. In an bi na mai araha, wasu za su sayar da asara. Mafita ita ce a haɗa jimillar abin da aka kashe a raba da jimillar buhunan. A ce ya ba da Naira 26,000. Sai a ƙara Naira 2,000 na buhu da sheƙa da dako zuwa sito. Iyakar ƙasa ta zama Naira 28,000 ke nan.

Daga nan sai a dubi kasuwa. Idan masu injin casa a Lafiya suna sayen buhu Naira 38,000, kuma kuɗin mota da lodi da harajin hanya sun kai Naira 3,000, to abin da buhun ya taka a Assakio bai wuce Naira 35,000 ba. Ɗan kasuwa kuma ba zai yi wahalar banza ba. In ya ware wa kansa ribar Naira 2,000, ƙarshen tayinsa Naira 33,000 ne, ko da yake a ranar kasuwa yana iya fara taya Naira 27,000 saboda ya san akwai masu matsuwa. Ƙungiyar da ta tsaya a Naira 32,000 ta bar wa mai saye abin da zai sa ya dawo, ta kuma ƙara wa kowane buhu Naira 5,000 a kan tayin farko, wato Naira miliyan 3 a buhu 600. Wadda ta kafe a Naira 40,000 kuwa, mai saye zai wuce ta ya nufi Doma ko Awe, tun da ba Assakio kaɗai ke noman shinkafa ba.

Bugu da ƙari, jira ba kyauta ba ne. Idan ajiyar buhu ɗaya tana cin Naira 1,500 a wata, tsakanin hayar sito da raguwar nauyi da kuɗin da aka ɗaure a cikin kayan, to Naira 32,000 ta watan Disamba daidai take da Naira 36,500 a watan Maris. Saboda haka ya kamata a rubuta farashin tare da wa'adinsa, a riƙa sake dubansa, misali bayan kowace ranar kasuwa biyu, a kuma fayyace iyakar ragin da kwamitin sayarwa zai iya yi ba tare da kiran babban taro ba.

Abin da ya fi karya irin wannan yarjejeniya shi ne buƙatar kuɗi nan take. Manomin da bashin taki ko kuɗin makaranta ya taso masa ba zai jira wata uku ba. Zai sayar ta bayan fage, kuma da mutum biyar sun yi haka, ɗan kasuwa ya gane cewa maganar ba ta da ƙarfi. Maganin shi ne kafin alƙalami: mamba ya kawo kaya sito, a auna, a ba shi rasit da wani kaso na kuɗin, a cika masa bayan an sayar. In za a ba da Naira 16,000 a kan kowane buhu, ana buƙatar Naira miliyan 9.6. Ƙungiyar da ke da miliyan 4 kacal buhu 250 za ta iya ɗauka, don haka wajibi ne ta fara da waɗanda suka fi matsuwa. A Jamhuriyar Nijar, har da yankin Maraɗi, ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna jinginar da hatsi a sito su karɓi rance daga ƙananan cibiyoyin kuɗi, ana kulle siton da kwaɗo biyu, kowane ɓangare da makullinsa.

Haka nan farashi ɗaya ba ya yiwuwa sai da awo ɗaya. Dole a yi amfani da sikeli maimakon ƙiyasin cikar buhu, a raba kayan daraja-daraja, a kuma ƙi karɓar shansherar da danshinta ya haura kashi 14 cikin 100, domin za ta yi fumfuna ta ɓata ta sauran. Alamar cewa an fara zamewa ita ce buhunan da ke isowa su gaza abin da aka yi alkawari, ko kuma a ga mai tsakuwa da ƙaiƙayi ce ke zuwa sito, mai kyau tana fita ta wata hanya.

Ta fuskar doka, ƙungiyar da ta yi rajista bisa Dokar Ƙungiyoyin Gama Kai ta 1993 tana iya wajabta wa mambobinta sayarwa ta hannunta, ta kuma sa tara a cikin ƙa'idojinta. Amma Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta hana masu sayarwa daban-daban haɗa baki su ƙayyade farashi. Don haka abin da ya fi aminci shi ne ƙungiya ta tsaya a kan kayan da ta tara take sayarwa da sunanta, kada ta tare hanya ko ta tilasta wa wanda ba mamba ba.

Akwai kuma iyakar da ba a iya tsallakewa. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa. A irin wannan hali, buhu 600 ba zai juya kasuwar ƙasa ba. Idan farashin Lafiya ya ci gaba da sauka alhali kuɗin ajiya yana hauhawa, gara kwamiti ya kira taro, a rage farashin a fili, a sayar kashi-kashi, da a bar kowa ya sulale shi kaɗai.