Layuka Uku da Ya Kamata a Karanta Kafin a Sa Hannu

A yawancin takardun ɗaukar aiki, albashi yana shafin farko, kuma a nan idon mai neman aiki yake tsayawa. Sharuɗɗan rabuwa kuwa suna can wajen ƙarshe, cikin ƙananan haruffa: notis na kwana nawa za a bayar, nawa za a biya idan an sallami mutum, da kuma inda aka hana shi yin aiki bayan ya tafi. A Najeriya waɗannan layukan sun fi nauyi fiye da yadda ake zato, domin abin da doka ta tanada kaɗan ne, sauran duk takardar ce ke yankewa.

A ɗauki misalin wani matashi da kamfanin rarraba kayan masarufi a Sharaɗa ta Kano ya ɗauka ya riƙa zagaya kasuwanni yana tallata kaya. An ce masa albashinsa naira 180,000 a wata. Da aka buɗe takardar sai ga shi an rarraba kuɗin: gundarin albashi 60,000, ragowar 120,000 alawus ne na gida da mota da abinci. Ƙasa kaɗan kuma an rubuta cewa kowane ɓangare zai iya kawo ƙarshen aikin da notis na wata ɗaya, ko ya biya gundarin albashin wata ɗaya a madadinsa. Ma'ana, ranar da manaja ya kira shi ya ce ya ajiye makullin babur, kamfani zai iya miƙa masa 60,000 ya sallame shi nan take, ba 180,000 da ya saba gani ba. Wannan rabe-raben ba bisa kuskure ake yin sa ba, kuma kafin sa hannu ne kaɗai mutum yake da bakin cewa a rubuta cikakken albashi a wannan layin.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta faɗi mafi ƙarancin notis. Wanda bai wuce wata uku a aiki ba, kwana ɗaya ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, sannan wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Duk notis da ya kai mako ɗaya dole ya zama a rubuce, kuma ba a lissafa ranar da aka bayar da shi. Sashen ya yarda a biya kuɗi a madadin notis, amma shi kansa ya cire alawus da kuɗin obataim daga lissafin. Takardar aiki za ta iya ba da fiye da haka, ba ta isa ta ba da ƙasa da haka ga wanda dokar ta rufe ba.

Sai dai ba kowa ta rufe ba. Sashe na 91 ya fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru irin su akanta da injiniya, har da wakilan kamfani masu yawon talla matuƙar aikinsu a wajen harabar kamfanin suke yi. Matashin namu na Sharaɗa yana iya faɗawa cikin waɗannan, don haka takardarsa ce babbar madogararsa.

Notis kuma ba ya bin ɓangare guda. Idan shi ne ya samu wani aikin ya tafi ba sallama, kamfani zai nemi kuɗin watan a wurinsa, sau da yawa ta hanyar zaftare haƙƙinsa na ƙarshe. Akwai takardun da ke ɗora wa ma'aikaci notis na wata uku alhali kamfani wata ɗaya kawai zai bayar. Wannan abin a yi magana ne tun da wuri. A gefe guda, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993 cewa wanda ya zaɓi biyan kuɗi a madadin notis, lokacin sallamar zai biya, ba alkawarin biya daga baya zai yi ba. Kora saboda babban laifi, kamar sata, ita ce ke zuwa ba notis ba kuɗi, shi ya sa yake da kyau a nemi kundin dokokin ma'aikata a ga abin da kamfanin yake kira babban laifi.

Batun kuɗin sallama shi ya fi jawo ɓacin rai, saboda mutane da yawa sun ɗauka garatuti haƙƙi ne na duk wanda ya daɗe a aiki. A kamfanoni masu zaman kansu ba haka ba ne. In ba a rubuta shi a takardar aiki ko kundin ma'aikata ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ba, da wuya a samu abin kamawa. Ko a rage ma'aikata, sashe na 20 cewa ya yi a sanar da ƙungiya, a fara da waɗanda suka zo daga baya, kuma mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta abin da za a biya. Bai yanka ko sisi ba. Inda aka rubuta garatutin ma, a duba sharaɗinsa. Idan an ce gundarin albashin wata ɗaya kan kowace shekara ga wanda ya cika shekara biyar, matashin zai samu 300,000 a cikar ta biyar, amma in aka sallame shi saura wata biyu, hannu rabbana zai fita. Fansho daban yake: Dokar Fansho ta 2014 ta sa kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, kuma wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba zai iya cirar har kashi 25 na abin da ke asusunsa.

Sharaɗi na uku shi ne na hana yi wa abokin hamayya aiki. Mutane sukan ce ai ba wanda zai bi su, amma kotu ta taɓa bi. A 1973, a shari'ar Koumoulis da Leventis Motors, Kotun Ƙoli ta tabbatar da sharaɗin da ya hana wani manajan sayar da kayan gyaran mota shiga irin wannan kasuwanci na shekara ɗaya a cikin tazarar mil 50, bayan ya koma wani kamfanin da ke gogayya da su. Abin da alƙali yake aunawa shi ne ko akwai wani abu na haƙiƙa da kamfani yake karewa, kamar sirrin farashi ko jerin kwastomomi, da kuma ko tsawon lokacin da faɗin yankin da nau'in aikin da aka hana sun tsaya daidai gwargwado. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 ta sa shekara biyu a matsayin iyaka, amma kasancewa cikin iyakar ba ya wanke sharaɗi: Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yi watsi da hanin shekara biyu da kamfanin iROKOtv ya ɗora wa wani tsohon jami'insa, ta ce ya wuce kima.

A takardar matashin an rubuta cewa ba zai yi aiki da duk wani mai sayar da kayan masarufi a faɗin Najeriya ba har shekara biyu. Mai yiwuwa kotu ta rushe wannan, to amma shari'a tana cin kuɗi da lokaci, kuma wasiƙar lauya guda ta isa ta sa sabon kamfani ya janye tayinsa. Abin da zai nema shi ne a taƙaita hanin zuwa wata shida, a cikin Kano, kan kwastomomin da shi da kansa ya yi hulɗa da su, kuma kada ya yi aiki idan kamfanin ne ya sallame shi ba da laifi ba. Duk gyaran da aka amince da shi a shigar da shi cikin takardar, ɓangarorin biyu su sa hannu a kai, shi kuma ya tafi gida da kwafinsa.